Tace hoto da ƙirƙirarriyar basira: yadda manhaja ke ƙago abin da kyamara ba ta ɗauka ba

Tace hoto da ƙirƙirarriyar basira hanya ce ta mayar da ƙaramin hoto mai dishi-dishi ya zama babba mai kaifi, ta amfani da manhajar da aka horar a kan dubban hotuna. Irin wannan manhaja, wadda aka gina bisa kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aiki, tana cikin wayoyin hannu da yawa a yau, kuma akwai masu zaman kansu kamar Remini da mutane ke saukewa don gyara tsofaffin hotunan iyali. Abin da ya kamata a sani game da ita shi ne, ba ta dawo da bayanin da ya ɓace daga hoto. Tana cike gurbinsa ne da abin da ya yi kama da gaskiya.

Inda bayanin ke ɓacewa

Kowane hoton kyamara tarin ƙananan ɗigo ne, kuma kowane ɗigo lamba ce da ke nuna haske da launin wani ɗan yanki na abin da aka ɗauka. Idan abu yana nesa, ɗigo ɗaya kan haɗiye yanki mai faɗi, ya ajiye matsakaicin haskensa kawai.

A ɗauki ƙananan wurare huɗu masu maƙwabtaka, haskensu 10 da 200 da 200 da 10. Idan aka narkar da su cikin ɗigo ɗaya, abin da za a ajiye shi ne 105. To amma wurare huɗu masu haske 0 da 210 da 0 da 210 su ma 105 za su bayar, haka nan huɗun da kowannensu 105 ne. Wanda aka miƙa wa lambar 105 ba shi da hanyar sanin wanne daga cikin ukun ne asali. Wannan shi ne tushen matsalar baki ɗaya: manyan hotuna masu yawan gaske, kowanne daban, suna iya komawa ƙaramin hoto iri ɗaya.

Misali daga bakin titi

A ƙaddara wani mai shago a Gangaren Tudu, cikin garin Keffi a Jihar Nasarawa, ya kafa kyamarar tsaro mai ɗigo 1,920 a faɗi, tana kallon titin da faɗinsa a cikin hoton ya kai mita 20. Kowace mita ta samu ɗigo 96 ke nan. Fuskar mutum ba ta wuce santimita 16 a faɗi ba, saboda haka fuskar wanda ya wuce a can za ta samu ɗigo 15 ko 16 kacal. Za a gane mutum ne, a ga launin rigarsa, wataƙila a ga yana sanye da hula. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kyamarorin tsaro, IEC 62676-4, a bugunta na 2014 ta sanya ɗigo 250 a kowace mita a matsayin abin da ake buƙata don tantance baƙon mutum, wato wajen ɗigo 40 a faɗin fuska. Kyamarar mai shagon ba ta kai rabin haka ba.

Idan aka yi masa sata, ya yanko wannan fuska mai ɗigo 16 a faɗi da 16 a tsawo, yana da ɗigo 256 a hannunsa. Manhajar da za ta mayar masa da ita hoto mai ɗigo 1,024 a kowane gefe za ta fitar da ɗigo 1,048,576. Ke nan a madadin kowane ɗigo ɗaya da kyamara ta gani, an samar da 4,096. Siffar ido da kaurin leɓe da layin gemu da za su bayyana a sabon hoton ba daga titin Gangaren Tudu suka fito ba. Daga hotunan da aka horar da manhajar suka fito.

Haka abin yake ga lambar mota. Farantin lamba mai faɗin kimanin santimita 30 zai samu ɗigo 29 a wannan nisa, alhali yana ɗauke da haruffa da lambobi takwas. Kowane harafi bai kai ɗigo huɗu ba. A irin wannan ƙanƙanta, 8 da B da 3 duk dunƙule ɗaya ne. Manhajar za ta zaɓi ɗaya ta zana shi tsaf, ba tare da nuna wata alamar shakka ba.

Yadda manhajar ke koyo

Ana horar da ita ne ta hanyar ɗaukar hotuna masu kaifi, a ƙanƙantar da su da gangan, sannan a umarce ta ta yi hasashen asalin. Ana gwada hasashenta da hoton gaskiya, a gyara ta, a maimaita sau miliyoyi.

Manhajojin farko, irin SRCNN da masu bincike a Jami'ar Sin ta Hong Kong suka fitar a 2014, an horar da su ne su rage kuskure a kowane ɗigo. Inda amsoshi da yawa ke yiwuwa, hanyar rage kuskure ita ce a tsaya a tsakiyarsu, shi ya sa hotunansu ke fitowa da laushi, ba kaifi sosai. Wannan laushi wata irin gaskiya ce, domin yana nuna inda ba a da tabbas.

A 2016 aka fito da SRGAN, wadda ta sauya ma'aunin nasara. An haɗa manhaja mai zana hoto da wata mai alƙalanci, wadda aikinta shi ne ta bambanta hoton gaskiya da na ƙirƙira. Mai zanen tana cin nasara ne idan ta ruɗi alƙaliyar, don haka ta koyi zana gashi da ramukan fata da zaren tufafi masu gamsar da ido, ko sun dace da asali ko ba su dace ba. A 2018 Yochai Blau da Tomer Michaeli na cibiyar Technion suka nuna ta hanyar lissafi cewa akwai iyakar da idan aka kai, ƙara wa hoto kamannin gaskiya a ido yana zuwa ne tare da ƙara nisansa daga ainihin abin da aka ɗauka.

Hoton Obama

A 2020 masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna PULSE. Ita ba ta ma gyara ƙaramin hoton. Tana amfani da StyleGAN, manhajar ƙirƙirar fuskokin mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba, tana lalube cikin fuskokin har ta samu wadda idan aka ƙanƙantar da ita za ta yi daidai da hoton da aka ba ta. Masu binciken da kansu sun bayyana cewa ba ta da amfani wajen gane mutum.

A watan Yunin shekarar wani ya saka mata hoton tsohon shugaban Amurka Barack Obama da aka dusashe. Duk wanda ya kalli dusasshen hoton yana gane Obama ne, amma abin da ta fitar fuskar wani farar fata ce. An horar da StyleGAN a kan hotuna 70,000 da aka tattara daga shafin Flickr, waɗanda fararen fata suka fi yawa a ciki, kuma manhaja na karkata ne ga abin da ta fi sabawa da shi. Wannan na da muhimmanci ga Nijeriya: zanen gado a kumatu, ko aikin zare a jikin hula, abubuwa ne da manhajar da ba ta saba ganinsu ba za ta iya shafewa a matsayin datti, ko ta sauya musu siffa, alhali su ne alamomin da ake gane mutum da su.

A gaban kotu

A watan Maris na 2024, Mai Shari'a Leroy McCullough na babbar kotun gundumar King a Jihar Washington ya ƙi karɓar wani bidiyon waya da aka tace da manhajar Topaz Video AI. Lauyoyin wanda ake tuhuma da kashe mutum uku a 2021 ne suka nemi gabatar da shi. Ƙwararren da masu gabatar da ƙara suka kawo ya shaida cewa an ninka ɗigon bidiyon kusan sau 16, kuma an ƙara abubuwan da babu su a asali. Alƙalin ya yanke cewa ba a san yadda manhajar ke yanke abin da za ta nuna ba, kuma masana binciken bidiyo ba su amince da hanyar ba.

A Nijeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi sharuɗɗan karɓar shaidar da kwamfuta ta samar, ciki har da takardar da ke bayyana yadda aka samar da ita da na'urar da aka yi amfani da ita. Sai dai haɗarin ya fi girma tun kafin a kai ga kotu. Fuskar da manhaja ta ƙaga tana iya kama da wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma da zarar ta shiga zaurukan WhatsApp da sunan ɓarawo, kaifinta ne zai sa a gaskata ta.

Yadda ake ganewa

Gwaji mafi sauƙi shi ne a saka hoto ɗaya cikin manhajoji biyu ko uku daban-daban. Idan fuskoki ko lambobi daban suka fito, duk abin da suka saɓa a kai ƙirƙira ne. Ana kuma iya ɗaukar hoton wanda aka sani, a ƙanƙantar da shi zuwa girman wanda ake bincike, a tace, a ga ko danginsa za su gane shi. Sauran alamomin sun haɗa da rubutun da ya yi kama da haruffa amma ba ya karantuwa, haƙora jere ɗaya kamar an ƙera su, da fuska mai kaifi a kan jiki da bango masu dishi-dishi. Ganin cewa sabon hoton ya yi daidai da tsohon idan an ƙanƙantar da shi ba hujja ba ne, tunda kuskuren PULSE ma ya cika wannan sharaɗin.

Akwai hanyoyin samun ƙarin bayani na haƙiƙa, amma duk suna komawa ga abin da kyamara ta ɗauka. Na farko shi ne a kwafo ainihin fayil daga na'urar da ke adana bidiyon, domin turawa ta WhatsApp kan matse shi, ɗaukar allo da waya kuma ya ƙara lalata shi. Na biyu shi ne haɗa hotuna da yawa na jere daga bidiyo ɗaya, tunda ɗan motsin da ke tsakaninsu na sa kowanne ya kama abin da ɗan'uwansa bai kama ba, ko da yake ribar ba ta da yawa. Na uku yana zuwa ne kafin aukuwar komai: idan mai shagon Gangaren Tudu ya juya kyamarar nan ta kalli ƙofar shagonsa mai faɗin mita huɗu maimakon titi mai mita 20, kowace mita za ta samu ɗigo 480, fuska kuma wajen ɗigo 77, kusan ninki biyu na abin da waccan ƙa'ida ta 2014 ta nema don a gane mutum ba tare da wata manhaja ba.