Dama ko hagu? Yadda aka gano cewa kunne yana auna lokaci

Kana tafiya a gefen titi, sai ka ji ƙarar babur daga baya. Kafin ka yi wani tunani, ka riga ka matsa gefen da ya dace. Wa ya gaya maka ta ina yake tahowa? Ai sauti ba ya zuwa da adireshi. Masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna bin sawun wannan tambaya, kuma a kan hanyar ne suka fahimci yadda kunne yake mai da sauti saƙon jijiya.

Bari mu fara da Lord Rayleigh, masanin kimiyyar lissafi da sauti na Ingila. A wajajen 1876 ya riƙa tsayar da mutum a tsakiyar fili idanunsa a rufe, mataimaka suna zagaye da shi suna yin sauti, shi kuma yana nuna inda ya ji ya fito. Bayanin Rayleigh na farko mai sauƙi ne: kanka yana tare sauti kamar yadda bango yake tare rana, don haka kunnen da ke kusa ya fi jin ƙarfinsa.

To amma lissafinsa da kansa ya kawo masa cikas. Sauti yana gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya. Ɗauki sauti mai kauri wanda yake kaɗa iska sau 256 a sakan. Raba 343 da 256, za ka ga tsawon kowane zango nasa ya kai mita 1.3, alhali faɗin kanka bai kai santimita 20 ba. Zango mai wannan tsawo zagaye kan kawai yake yi, ya isa kunne na biyu da kusan duk ƙarfinsa. Ke nan babu wata inuwar kirki. Duk da haka mutane suna gane dama da hagu ba tare da wahala ba.

Abu ɗaya ya rage: lokaci. Idan sauti ya fito daga damanka sosai, sai ya ƙara tafiyar kusan santimita 23 kafin ya kai kunnen hagu. Raba mita 0.23 da 343, jinkirin bai ma kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kusan kashi biyu bisa uku ne na hakan. Yawancin masanan wancan zamani, bisa bin koyarwar Hermann von Helmholtz, sun ɗauka kunne yana jin kauri ko sirantar sauti da ƙarfinsa ne kawai, bai damu da lokacin da kowane zango ya iso ba.

A 1907 Rayleigh ya wallafa gwajin da ya sa ya sauya ra'ayi. Ya ɗauki ƙarafa biyu masu yatsu biyu, irin waɗanda ake saita kayan kiɗa da su, ɗaya ya ɗan fi ɗaya saurin kaɗawa. Ya kai sautin kowanne kunne guda ta bututu. Saboda ɗan bambancin nan, wani lokaci zangon dama ne ke gaba, can kuma na hagu ya wuce shi, ƙarfinsu kuwa bai sauya ba. Masu sauraro suka ji sautin yana ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan aka samu bayanin da har yau ake koyarwa: sauti mai kauri da bambancin lokaci ake gane wurinsa, siriri kuwa da bambancin ƙarfi.

Sai dai fa wannan ya haifar da sabuwar tambaya. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa iska. Ta yaya lokacin isowar zango yake kai mata?

Bi sautin zuwa ciki. Yana kaɗa fatar da ke ƙarshen ramin kunne, ita kuma ta motsa wasu ƙananan ƙasusuwa uku, na ƙarshensu ya tura ruwan da ke cikin katantanwar kunne, wato wani murɗaɗɗen bututu mai tsawon kusan milimita 35. Georg von Békésy, wanda ya fara bincikensa a ɗakin gwajin tarho na gidan waya a Budapest, shi ya leƙa cikinta a kunnuwan gawarwaki. Ya ga motsin yana bin wata shimfiɗaɗɗiyar fata kamar yadda igiya take yi idan ka kaɗa bakinta. Siririn sauti ya fi girgiza ta a mashiga, mai kauri kuma can ƙurya. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

A kan fatar nan akwai ƙwayoyi masu gashi a ka, kuma kusan 3,500 daga cikinsu ne suke aika yawancin saƙon. Idan gashin ya karkata gefe ɗaya, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, sinadarin fotasiyam mai ɗauke da cajin lantarki ya shiga, ƙwayar ta zuba wa jijiya sinadarin da zai sa ta harba saƙo. Idan ya koma ɗaya gefen, ƙofofin su rufe. Ka ga asirin? Tunda a gefe ɗaya kaɗai suke buɗewa, jijiyar tana harbawa ne a daidai gaɓa guda ta zangon. Ba dole ta harba a kowane zango ba, amma idan aka haɗa jijiyoyi da yawa, kiɗan sautin yana fitowa daidai. Wannan iyawa tana raguwa idan sauti ya sirance, shi ya sa mutum ba ya cin moriyar bambancin lokaci a tsantsar sautin da ya wuce kaɗawa 1,500 a sakan.

Saura wurin da ake kwatanta saƙonnin biyu. Suna fara haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa, a wani ƙullin jijiyoyi da aka raɗa wa suna zaitun saboda siffarsa. A 1948 Lloyd Jeffress ya kawo shawara: a ce akwai jerin ƙwayoyi, kowacce ba ta harbawa sosai sai saƙon dama da na hagu sun iso mata tare. Saƙon da ya riga tashi zai yi nisa a cikin jerin kafin su yi karo, don haka wurin karon shi ne amsar. A 1990 Catherine Carr da Masakazu Konishi suka nuna tsari mai kama da wannan a ƙwaƙwalwar mujiya, tsuntsuwar da take kama ɓera cikin duhu da ji kawai. A dabbobi masu shayarwa kuwa, binciken da ya biyo baya ya nuna tsarin ya sha bamban, kuma masana suna ci gaba da muhawara a kansa.

Dabarar tana da iyaka, kuma za ka iya gwadawa. Rufe idanunka, wani ya tafa hannu daidai gabanka ko daidai bayanka. Sautin zai isa kunnuwan biyu lokaci guda da ƙarfi guda, sai lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunnenka ne kaɗai za su taimaka, kuma kana iya yin kuskure. Da zarar ka ɗan juya kai, bambanci ya samu, ruɗanin ya kau.

Babban abin lura shi ne aikin na kunne biyu ne. Wanda kunnensa ɗaya ya raunana yakan ji kira sarai amma ya juya inda ba nan ba, magana kuma ta ɓace masa a cikin hayaniyar taron biki. Idan ka lura yaro yana yawan waige-waige kafin ya gano mai kiransa, ko kai kanka kana jin odar mota ka rasa ta ina take, kada ka ce ai ana ji. A je a auna kowane kunne shi kaɗai.