Mahaɗar aikin famfo

Mahaɗar aikin famfo ita ce wurin da layin ƙarfin famfo ya gitta layin turjiyar bututu a kan zane guda. A zanen, yawan ruwa (Q) na kwance, tsayin da ake tura shi (H) na tsaye. Layin famfo gangarowa yake yi, domin idan ruwa ya ƙaru, ƙarfin turawa sai ya ragu. Na bututu kuwa hawa yake yi: H = Hs + kQ², inda Hs ke nufin tazarar saman ruwan rijiya zuwa bakin tanki, kQ² kuma tsayin da gogayya ke ci a cikin bututu.

A ɗauki rijiyar burtsatse mai tazarar mita 30, wadda gogayya ke cin mita 2 idan ana tura lita 1 a daƙiƙa. A lita 2, gogayyar ta zama mita 8, jimilla 38. Idan takardar masana'anta ta nuna famfon na ba da mita 38 a lita 2, to nan ne mahaɗar.

Da rani ruwan rijiya kan ja baya, Hs ya ƙaru, mahaɗar ta koma hagu, tanki ya daɗe bai cika ba alhali famfon lafiyarsa ƙalau. Kafin a ciro shi, a fara auna zurfin ruwan yayin da yake aiki.