Tsarin ƙararrawar gobara mai adireshi: tazarar na'urori, tsawon waya da ƙarfin batir

Wannan bayani an shirya shi ne domin ƴan kwamitin kula da asibiti, da masu tsaron sito, da shugabannin ƙungiyoyi a gundumomin Magariya da Dungas, cikin jihar Damagaram. Sau da yawa su ake kira su sa hannu a kan takarda cewa ɗan kwangila ya gama aiki. Wanda ya san lissafi uku da ke ƙasa zai iya duba zanen aikin kafin ya sa hannu.

Mene ne tsari mai adireshi?

Akwai babban akwati guda, wanda ake kafawa inda mai gadi ko ma'aikacin dare yake zama. Daga cikinsa waya mai jijiya biyu take fita, ta bi ɗaki ɗaki, sa'an nan ta komo cikin akwatin. Wannan shi ake kira zagaye. A jikin zagayen ake ɗaura na'urorin jin hayaƙi, da na jin zafi, da jiniya, da jan akwatin da mutum ke dannawa da hannu.

Kowace na'ura tana da lambarta, kamar yadda kowane gida yake da mai shi. Babban akwati yana kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, suna amsawa. Idan lamba 14 ta ji hayaƙi, allon akwatin zai rubuta lambar da sunan ɗakin. A tsohon tsari ɓangaren gini kawai ake nunawa, sai an bi ana buɗe ƙofofi. A kayan kamfanoni da dama, zagaye ɗaya yana ɗaukar lambobi 126 ko 127.

Dalilin komowar waya cikin akwati shi ne wannan: idan ɓera ko gara ko mai gyara ya tsinke ta a tsakiya, akwatin zai ci gaba da ciyar da na'urori ta baki biyu. Amma idan jijiyoyin biyu suka haɗu da juna, zagayen duka yana iya mutuwa. Saboda haka ake sa na'urar killacewa a wurare daban daban, wadda ke yanke ɓangaren da ya lalace ta bar sauran. Ƙa'idar Turai ita ce kada matsala guda ta kashe fiye da na'urori 32. A wurin da waya ke fita daga wani gini zuwa wani, ya kamata a sa ta a bakin kowane gini.

Lissafi na farko: tazara tsakanin na'urori

Hayaƙi yana tashi sama, ya bazu a ƙarƙashin rufi. Kowace na'ura tana da iyakar nisan da take ji. Bisa ƙa'idar Ingila mai lamba BS 5839, a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen rufi, kada wani wuri a ɗaki ya fi mita 7.5 nisa daga na'urar hayaƙi. Ga na'urar zafi kuwa, iyakar mita 5.3 ce. Idan an jera su layi layi, wannan yana nufin mita 10.6 tsakanin na'urorin hayaƙi biyu, da mita 7.5 tsakanin na zafi.

Mu ɗauki misalin sito a Magariya, mai tsawon mita 30, da faɗin mita 20, da bisa mita 5. A raba 30 da 10.6, za a sami kusan 3. A raba 20 da 10.6, za a sami kusan 2. Kullum sama ake cikawa, ba a ragewa. Ke nan layi 2, kowane da na'urori 3, jimla 6. Za a bar mita 10 a tsakaninsu, da mita 5 daga bango. Kusurwar ɗaki ita ce wuri mafi nisa, kuma idan aka auna ta daga na'ura mafi kusa za a sami mita 7 da ɗan kai, wato ba a ƙetare iyaka ba. Da na'urorin zafi za a sa a wannan sito, da sai an sa 12, wato layi 3 na huɗu huɗu.

Ƙa'idar Faransa mai lamba NF S 61-970 ta fi tsanani. Da faɗin fili take lissafi. A sito irin wannan, na'urar hayaƙi ɗaya ba ta wuce murabba'in mita 60, saboda haka ba za a sa ƙasa da 10 ba, kuma ana ƙara yawansu ƙwarai a ɗakin da mutane ke kwana. Don haka tambaya ta farko ga ɗan kwangila ita ce: wace ƙa'ida ka bi? A rubuta amsar cikin takardar kwangila.

Akwai abubuwan da ido kaɗai yake iya dubawa. A bar aƙalla rabin mita tsakanin na'ura da bango. A bar aƙalla mita 1 daga bakin na'urar sanyaya ɗaki. Kada a kafa ta daf da fankar sama, domin iska za ta kore hayaƙin. Idan an tara buhuna har sun kusa taɓa rufi, sun zama kamar bango, kuma lissafin farko ya rushe.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana shiga cikin na'urar hayaƙi, sai ta riƙa kuka ba gobara. Ƙararrawar da ta saba yin ƙarya, ranar gaskiya ba mai tashi. Akwati mai adireshi yakan nuna lambar na'urar da ta yi dauɗa, sai a sauke ta a share. A madafa da ɗakin injin lantarki, na'urar zafi ake sawa. A lura da ajinta: mai alamar A1 tana iya yin kuka tun daga digiri 54, kuma ƙarƙashin kwanon da ba silin yana iya kusantar haka a watan Afrilu. A irin wannan wuri mai alamar B ta fi dacewa, domin ita sai daga digiri 69.

Lissafi na biyu: tsawon waya

Lantarki cikin waya kamar ruwa ne cikin dogon tiyo: gwargwadon nisa, gwargwadon raguwar ƙarfi. Ƙarfin lantarki da bolt ake auna shi, yawan wanda ke gudana da amfa, turjiyar waya kuma da om. A ninka amfa da om, sai a sami yawan bolt da suka ɓace a hanya.

Wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 tana da turjiyar om 12.1 a kowace kilomita, a jijiya ɗaya. Mai lamba 2.5, wadda ta fi kauri, tana da om 7.4. Tun da lantarki yana tafiya ta jijiya ɗaya ya komo ta ɗayar, sai an ninka tsawon sau biyu. Kuma ana lissafi ne da rana mafi muni, wato ranar da waya ta tsinke kusa da akwati, duk zagayen yana ci ta baki ɗaya, jiniyoyi kuma suna kuka.

A ce zagayen ya haɗa sito da ofis da ɗakin magani, tsawonsa mita 800, da waya mai lamba 1.5. Jan ƙarfen da lantarki zai bi mita 1600 ne, turjiyarsa kusan om 19.4. A ce lokacin kuka zagayen yana jan amfa 0.3. Abin da zai ɓace kusan bolt 5.8 ne. Idan akwati yana ba da bolt 24, na'urar ƙarshe za ta sami 18.2. Idan takardar kamfanin ta ce na'urar tana buƙatar 17, to an tsira.

Yanzu a ce an ja wayar zuwa wani sabon gini, zagayen ya zama mita 1200. Turjiya ta koma om 29, abin da ya ɓace bolt 8.7, saura 15.3. Wannan bai isa ba. Haɗarin shi ne a ranakun lafiya ba abin da zai nuna, domin na'urori ba sa jan lantarki da yawa sai jiniya ta tashi. Magani shi ne waya mai lamba 2.5, wadda za ta bar bolt 18.7, ko a raba aikin zagaye biyu.

Zafi yana ƙara turjiyar jan ƙarfe. Idan wayar nan ta mita 800 ta kai digiri 60 a ƙarƙashin kwano, saura zai sauka zuwa kusan 17.3, wato bakin iyaka. Saboda haka a bar rara. Kowane kamfani kuma yana rubuta iyakar tsawon zagayensa, galibi tsakanin kilomita 1 da 2, kuma ba a ƙetare ta ko da lissafi ya yi kyau. A yi amfani da wayar da ke jure wuta, kada kuma a cusa ta cikin bututu ɗaya da wayar lantarkin gida.

Lissafi na uku: ƙarfin batir

Lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana zuwa daga Najeriya ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, ba a maido ba sai a 2024. Wannan ya isa ya nuna cewa batir ba abin ado ba ne.

Ƙa'idar BS 5839 tana so batir ya riƙe tsarin awa 24 yana gadi, sa'an nan ya iya kaɗa jiniya minti 30. Ƙarfin batir ana rubuta shi a jikinsa da alamar Ah. Ga yadda ake lissafi:

```
C = 1.25 × (T × I1 + 1.75 × I2 ÷ 2)
```

T yawan awoyin gadi ne. I1 abin da tsarin duka ke ja lokacin gadi. I2 abin da yake ja lokacin kuka. Ana raba shi biyu domin minti 30 rabin awa ne. Lamba 1.75 tana nan domin batir yana saurin ƙarewa idan an ja shi da ƙarfi, 1.25 kuma domin tsufa.

A misalinmu, a ce I1 amfa 0.15 ne, I2 kuma 0.8. Awa 24 sau 0.15 ya ba da 3.6. Ɓangaren kuka ya ba da 0.7. Jimla 4.3. A ninka da 1.25, a sami kusan 5.4. Batir na gaba a kasuwa shi ne 7 Ah. Ana sa biyu masu bolt 12 a jere domin su ba da 24, amma wannan bai mai da su 14 Ah ba, suna nan 7.

Inda ake rufe gini daga Juma'a zuwa Litinin, ko inda lantarki ke daɗewa bai komo ba, a yi lissafi da awa 72. A nan 72 sau 0.15 ya ba da 10.8, a ƙara 0.7, a ninka da 1.25, a sami kusan 14.4. Ke nan batir 17 ko 18 Ah ake buƙata. Sai a tabbata zai shiga cikin akwatin, kuma cajar akwatin za ta iya cika shi.

Zafi yana cin batir. Duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Saboda haka a kafa akwati a ɗaki mai inuwa, a rubuta ranar sa batir a jikinsa, a canja biyun tare.

Ranar karɓar aiki

A nemi zanen da ke nuna lambar kowace na'ura da ɗakinta, da takardar lissafin waya, da ta batir. A gwada kowace na'ura, a ga sunan ɗakin da ya fito a allo daidai ne. A sa ma'aikacin ya cire waya a baki ɗaya: akwati mai rubutun Faransanci ya kamata ya nuna DÉRANGEMENT, na'urori kuma su ci gaba da amsawa. Cikin wannan hali a kashe lantarkin gida, a danna jan akwati, a ga an rubuta FEU, a je a saurari jiniya mafi nisa. Idan ta yi kuka da ƙarfi, sai a sa hannu.