Manhajar saye da sayar da hannun jari: Ƙa'idojin da ya kamata ɗan fansho ya rubuta kafin ya sakar mata linzami

Kundin ƙa'idojin ciniki takarda ce da mai dukiya ke rubutawa domin fayyace iyakar ikon manhajar da ke saye da sayar da hannun jari a madadinsa. Tana amsa tambayoyi uku: wane ciniki manhajar za ta yi da kanta, wane ne sai mutum ya amince, kuma a wane hali ne za ta tsaya cak. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin yaro a shago ya san tushen maganar. Akwai kayan da yaro zai sayar ba tare da tambaya ba, akwai ragin da sai ya kira maigida, akwai kuma bashin da ba zai bayar ba ko wane ne ya zo. Bambancin shi ne yaro yana da hankalin da zai gane cewa yau kasuwa ta birkice. Manhaja kuwa abin da aka rubuta mata kawai take bi, kuma tana iya maimaita kuskure sau dubu kafin mai ita ya idar da salla.

Wane kuɗi ake magana a kai?

A Najeriya, kuɗin da ke cikin asusun fansho na ma'aikaci yana ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Kamfanonin kula da fansho ne ke juya shi bisa sa idon hukumar PenCom, don haka ɗan fansho ba ya da ikon miƙa shi ga wata manhaja. Abin da ke hannunsa shi ne garatuti, ko dunƙulallen kuɗin da aka ba shi lokacin ajiye aiki, ko ajiyar da ya tara da kansa. Wannan kuɗi ne kundin ke karewa.

Dalilin tsanantawa a fili yake. Ma'aikaci mai shekara 35 idan ya yi asara, albashin shekaru masu zuwa zai cike giɓin. Ɗan fansho ba ya da wannan dama, kuma yana cirar kuɗin cefane daga dukiyar. Lissafin ma ba ya goyon bayansa: jarin da ya faɗi da kashi 50 cikin 100 sai ya ninka kansa kafin ya koma inda yake.

Darasin Knight Capital

Ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin dillancin hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya fara aiki da sabuwar manhaja. Ɗaya daga cikin na'urorinsa takwas ba ta samu sabon tsarin ba, sai wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi ya farka. Cikin kimanin minti 45 na'urar ta aika miliyoyin umarnin ciniki, kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Binciken hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ya gano cewa saƙonnin imel 97 masu nuna matsala sun fita kafin buɗe kasuwa, amma ba a ɗauki mataki a kansu ba. A 2013 hukumar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12.

Abubuwa biyu ne suka yi ƙaranci a wannan rana: iyakar da za ta dakatar da na'urar da kanta, da kuma bayyanannen tsari na wanda zai ɗauki mataki idan gargaɗi ya fito. Su ne ginshiƙan kundin ɗan fansho, ko da jarinsa bai wuce naira miliyan kaɗan ba.

Matakai uku na izini

Mu ɗauki misalin ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki da naira miliyan 20. Sakin layi na farko a kundinsa zai raba kuɗin. Miliyan 14 na ajiye a wurin da manhajar ba ta da hanyar kaiwa, kamar sukuk na gwamnatin tarayya da asusun banki mai ɗauke da kuɗin buƙatun gida. Miliyan 6 kawai aka sanya a asusun dillali domin ciniki. Alƙaluman da ke biye misali ne, kowa zai daidaita su da ƙarfinsa.

Mataki na farko shi ne cinikin da ba ya buƙatar tambaya. Manhajar za ta yi shi ne kawai idan duk sharuɗɗan nan sun cika a lokaci guda: kamfanin yana cikin jerin kamfanoni takwas da mai dukiya ya rubuta sunayensu, umarni ɗaya bai wuce naira 150,000 ba, jimillar cinikin rana ba ta haura naira 300,000 ba, kuma hannun jarin kamfani guda ba zai zarce kashi 20 cikin 100 na asusun ba, wato naira miliyan 1.2. Kowane umarni dole ya ɗauki farashin da ba za a tsallake ba. Ba a yarda da umarnin "sayar a kowane farashi" ba. Ranar 6 ga Mayun 2010, lokacin da kasuwar Amurka ta rufta na 'yan mintuna, irin wannan umarni ya sa an sayar da hannun jarin kamfanin Accenture a kan santi ɗaya, alhali ɗazu yana kusan dala 40.

Mataki na biyu shi ne wanda manhajar za ta shirya ciniki amma ta jira amincewa. Ya shafi duk umarnin da ya wuce iyakar kuɗi, da kamfanin da ba ya cikin jeri, da hannun jarin da farashinsa ya motsa da fiye da kashi 5 cikin 100 daga inda ya kwana jiya, da kuma kamfanin da ya sanar da rabon riba ko kyautar hannun jari. Kasuwar NGX ta taƙaita motsin farashin hannun jari a rana ɗaya zuwa kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. Wanda ya sa iyakarsa a rabin wannan zai samu labari tun kafin farashi ya kai bango, inda sau da yawa masu sayarwa ke yin layi ba mai saye.

Mataki na uku shi ne tsayawa gaba ɗaya tare da soke duk umarnin da ke jira. Hakan zai faru idan asusun ya ragu da kashi 10 cikin 100 daga mafi girman darajar da ya taɓa kaiwa, wato naira 600,000 idan ƙololuwar miliyan 6 ce. Ko manhajar ta aika umarni fiye da biyar cikin sa'a ɗaya. Ko adadin hannun jarin da ke cikin lissafinta ya saɓa da wanda ke rubuce a CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan mallakar hannayen jari. Haka nan idan kasuwar kanta ta dakatar da ciniki, kamar yadda ya faru a Legas ranar 12 ga Nuwamban 2020 lokacin da ma'aunin kasuwa ya tashi da kashi 5 cikin 100. Ciniki da kuɗin bashi kuwa haramtacce ne a kundin, ko da amincewar mai dukiya.

Yadda ƙa'idar ke aiki a ranar cire riba

A ce manhajar ta sayi hannun jari 20,000 na wani banki a kan naira 50 kowanne, jimilla naira miliyan 1. An ba ta umarnin ta sayar idan farashi ya sauka da kashi 8 cikin 100 daga farashin saye, wato ƙasa da naira 46. Bankin ya sanar da ribar naira 4 ga kowane hannun jari. A ranar ƙarshe ta cancantar samun ribar, farashi ya rufe a naira 49. Bisa al'adar kasuwa ana cire ribar daga farashi bayan wannan rana, sai ya buɗe a naira 45.

Manhajar da ba ta san da rabon riba ba za ta ga 45 ya gaza 46, sai ta nemi sayar da duka a kan naira 900,000. Idan aka ƙiyasta kuɗin dillali da sauran haraji a kashi 2 cikin 100, naira 18,000 sun tafi. Alhali babu abin da ya samu bankin. Naira 4 ɗin tana kan hanyarta zuwa asusun mai dukiya, naira 80,000 ke nan kafin a cire harajin kashi 10 cikin 100, saura 72,000. Idan aka haɗa farashi da ribar, darajar hannun jarin naira 49 ce, kashi 2 cikin 100 kacal ƙasa da farashin saye. Kundin ya tare wannan ciniki ta fuska uku: kuɗin ya wuce 150,000, farashin ya motsa da fiye da kashi 8 cikin 100, kuma akwai sanarwar riba. Saƙo zai isa ga mutum, ya duba, ya ƙi amincewa.

Akwai wata kafa da ake yawan mantawa da ita. Naira 900,000 tana rabuwa gida shida na 150,000, kuma manhajar na iya sayar da kashi biyu kowace rana ta gama cikin kwana uku ba tare da ta karya iyakar kuɗi ba. Maganin shi ne a rubuta cewa duk umarnin da ya shafi kamfani guda cikin kwanakin kasuwa biyar za a haɗa shi a lissafa a matsayin ciniki ɗaya.

Mece ce amincewa?

Shiru ba amincewa ba ne. Idan mai dukiya yana asibiti ko ya tafi aikin Hajji bai amsa ba, buƙatar za ta mutu bayan sa'a 24, domin farashin da aka nemi izini a kansa ya riga ya sauya. Saƙon neman izini ya ƙunshi sunan kamfani, adadi, farashi, kuɗin dillali, da ƙa'idar da ta sa aka tsaya. Ya kamata a ambaci mutum na biyu, kamar mata ko babban ɗa, a ba shi ikon tsayar da manhajar amma ba ikon ƙara mata iyaka ba.

Sauya ƙa'ida ma yana da ƙa'ida. Tsananta iyaka yana aiki nan take, sassauta ta kuwa sai bayan kwana bakwai da rubuta dalili. Wannan yana kare mai dukiya daga kansa, a ranar da kasuwa ke tashi yana ganin an bar shi a baya.

Alamomin cewa kundin ya daina aiki

Littafin da ke ɗauke da kowane ciniki da kowace buƙatar izini shi ne ma'auni, kuma a duba shi duk ƙarshen wata tare da bayanan CSCS. Idan buƙatun izini sun kai goma a rana, kuma ana amsa kowace da "na yarda" cikin daƙiƙa kaɗan, mutum ya zama hatimi kawai, sai a rage yawan cinikin manhajar. Idan umarni da yawa na tsayawa dab da 150,000, ana kewaye iyakar ke nan. Idan kuma kuɗin dillali na wata uku ya fi ribar da aka samu, dillali ake yi wa aiki.

A ƙarshe, iyakar da ke kan takarda kaɗai ba ta tsayar da na'ura. Dole a shigar da ita cikin manhajar ko a asusun dillali, a gwada ta da umarnin da ya wuce iyaka a ga ko za ta ƙi. Dillalin ya kasance mai rajista da hukumar SEC ta Najeriya, wadda ta fitar da ƙa'idojin ba da shawarar zuba jari ta na'ura a 2021. Kuɗin sayarwa kuma ya riƙa faɗawa asusun banki mai sunan mai dukiya. Kundi yana rage ɓarnar kuskure ne, ba ya mayar da mummunar dabarar ciniki ta zama mai riba, ba ya kuma amfani a dandalin da tun asali na damfara ne.