Turara kifi: kauri ne ke yanke minti, ba nauyi ba

A Bawdeta da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, kifi baƙo ne. Babu kogi a kusa, don haka wanda ake samu ko dai busasshe ne, ko na ƙanƙara, ko kuma ɗanye da ya sha hanya daga wurare irin tafkin Madarunfa da ke kudu da Maraɗi. Shi ya sa galibi ake soya shi har ya ƙandare. Amma madambacin da ake dambu da shi yana dafa kifi ba tare da an kashe kuɗin mai ba, in dai an san lokacin da za a sauke.

Zafin tururi daga waje yake shiga zuwa tsakiya. Saboda haka abin dubawa shi ne nisan da zafin zai ratsa, wato kauri. Ƙa'idar da aka fi sani, wadda ake dangantawa da hukumar kamun kifi ta Kanada, ita ce minti 10 ga kowane santimita 2,5, kimanin minti 4 ke nan ga santimita ɗaya. A kwantar da kifin a gefensa, a auna wurin da ya fi tudu, yawanci bayan kai. Wanda ba shi da ma'auni ya yi amfani da yatsunsa: faɗin yatsa ɗaya na babban mutum ya kusa santimita 2.

Ga misali da karfasa mai kaurin santimita 4. In za a turara ta sukutum, lissafi ya ba da minti 16. A kankare ta, a cire kayan ciki, a tsaga kowane gefe sau biyu ko uku har wuƙa ta taɓa ƙashi, don tururi ya samu ƙofa. A shafa gishiri da citta da tafarnuwa, a ɗora ta a faranti ko a kan yankakkiyar albasa cikin madambaci. Ba a fara ƙirga sai ruwan ƙasa ya tafasa sosai, tururi yana fita da ƙarfi, an kuma rufe. Nan mutane da dama suke kuskure: suna ƙirga tun daga ɗora tukunya, su sauke kifi ɗanye a ciki. A naɗe mahaɗar tukunya da madambaci da tsumma kamar yadda ake yi wa dambu, kuma kada ruwan ya taɓa kifin. A minti na 13 a buɗe a duba.

Wannan karfasar, in aka fere tsokarta daga ƙashi, kowane ɓari ba zai wuce santimita 1,5 ba. Minti 6 ya isa, kuma minti biyu na sakaci sun isa su busar da ita. Wajen wutsiya ya fi siriri, sai a lanƙwasa shi ƙasa don kaurin ya daidaita. Kada a jibga wata tsoka kan wata, domin biyu a haɗe sun koma kauri biyu. Ga mai koyo, sukutum ya fi sauƙi, domin fata da ƙashi suna riƙe danshi, ko an ɗan wuce lokaci ba ya lalacewa nan take. Tsoka kuwa ta fi dacewa da yara, tunda an rage ƙaya.

Tarwaɗa jikinta mulmulalle ne, kanta kuma ƙato. Gara a wanke yauƙinta da lemun tsami, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a auna kaurin gunduwar. Kifin ƙanƙara a bari ya narke tukuna; in an ɗora shi a daskare, lokacin yana kusan ninkawa, kuma waje yakan dahu fiye da kima kafin ciki ya yi.

Agogo kiyasi ne kawai, musamman a wutar itace da ke tashi tana kwanciya. Gwaji na gaskiya a wuri mafi kauri ake yinsa. A sa bakin wuƙa har ƙashi, a ɗan buɗa. Dafaffen nama ya yi fari fat, yana rabuwa falle-falle, yana sakin ƙashi da kansa. In yana sheƙi kamar gilashi, ko yana manne da ƙashi, ko akwai ja a wurin, a mayar da murfi a ƙara minti 2. A kifi sukutum, ƙayar da ke kan gadon baya tana zarewa cikin sauƙi in ya yi. Farin ido ba shaida ba ne, domin ido yana fari tun ciki bai ɗau zafi ba. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 63 a tsakiya, adadin da hukumomin abinci na Amurka suke ba da shawara.

Bai kamata a bar tsakiyar kifin tafki da ɗanyantaka ba, saboda tsutsotsi da ƙwayoyin cuta da zafi ke kashewa. Sannan tururi ba ya ɓoye wari yadda mai da yaji suke yi. Kifin da aka danna da yatsa ramin bai ciko ba, ko yake ɗoyi, kada ma a ɗora shi.