Tola da Giram a Cinikin Zinare

Tola ma'aunin nauyi ne na ƙasar Indiya wanda ya iso kunnen masu sayen zinare a Arewacin Nijeriya ta hanyar Dubai. A Bauchi, Gwallaga da sauran unguwanni, da giram ake ciniki, haka ma a Kano. Amma ana jin sunan tola a bakin masu zuwa saro, ana ganinsa a jikin ƙaramin sandan gwal, wani lokaci kuma a takardar shaidar sarƙar da aka kawo tsaraba. Idan aka tambayi giram nawa ne a tola ɗaya, sai amsoshi su rarrabu: wani ya ce 10, wani 12, wani 11.66, wani 11.7. Kowace daga cikinsu tana da asalinta, sai dai guda ɗaya ce take da doka a bayanta.

A tsohon lissafin Indiya, tola ɗaya masha 12 ne, kowane masha kuwa ratti 8, wato ratti 96 ke nan a tola. Ratti ƙwayar idon zakara ce, jar nan mai baƙin kai, wadda masu awon zinare a Afirka ta Yamma su ma suka yi amfani da ita. Tun da ƙwayar tsiro ba ta zama daidai da 'yar'uwarta, nauyin tola ya riƙa bambanta daga gari zuwa gari, kuma a aikace mutane sun fi dogara da tsabar rupi ta azurfa a matsayin dutsen awo. Ita ma rupin ba ɗaya ba ce, domin ta Kalkata ta ɗan fi ta Madras da ta Bombay nauyi.

Shekarar da ta dace a riƙe ita ce 1833. A lokacin ne Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya ya tsayar da tola a kan ƙwaya 180 ta ma'aunin Turawa, sannan a 1835 ya buga rupi iri ɗaya mai wannan nauyin ga duk yankunan da yake mulki. Wasu rubuce-rubuce suna ba da 1835 a matsayin farkon tolar zamani, amma wannan shekarar kuɗin ce, ma'aunin ya riga shi da shekara biyu. Ƙwaya 180 kashi uku ne cikin takwas na ozar da ake auna zinare da ita a kasuwar duniya. Ozar giram 31.1035 ce, don haka tola ta zama giram 11.6638. Daga nan 11.66 da 11.664 da 11.7 suka fito, duk taƙaitawa ce ta lamba ɗaya.

Lambar 10 tarihinta daban. Indiya ta yi dokar komawa ma'aunin giram a 1956, kuma da aka fara faɗin farashin zinare a kan giram 10, wasu masu shaguna suka ci gaba da kiran wannan adadin tola. Pakistan da Nepal kuwa suna faɗin farashi a kan tola ta asali har yau. Ita 12 ta fi kama da aron lissafin masu turare, waɗanda kwalbar tolarsu take ɗaukar kimanin mililita 12. Wancan awon ruwa ne, kuma ba shi da hurumi a sikelin gwal.

Dubai ce ta raya tola bayan Indiya ta yar da ita a hukumance. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da Indiya ta tsaurara dokokin mallakar zinare, musamman dokar 1968 wadda ba a soke ba sai 1990, jiragen ruwa na katako sun riƙa kwasar zinare daga Dubai a ɓoye zuwa gaɓar Indiya. Abin da suke ɗauka shi ne sanda mai tola goma, nauyinsa giram 116.64, ɗan ƙarami mai santsin gefe, mai sauƙin ɗinkewa a cikin riga. Sandan ya zauna a kasuwar gwal ta Deira, kuma har yanzu ana faɗin farashinsa kusa da farashin giram.

Ƙasar Hausa ba ta gaji tola ba. Ma'auninta na zinare miskali ne, wanda ya zo da fatauci ta Sahara da littattafan fiƙihu, kuma dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira giram 4.25 ne. Daga miskali aka tsallaka zuwa giram, wanda Nijeriya ta rungume shi a shekarun 1970.

Juyawar ba ta da wuya: a ninka yawan tola da 11.664 a sami giram, a raba farashin tola da 11.664 a sami farashin giram. A ɗauka, don misali kawai, an ce tolar tsantsar zinare mai karat 24 naira 1,750,000 ce. Idan aka raba, giram ya kama naira 150,000 da 'yan canji. Wanda ya raba da 10 zai samu 175,000, wanda ya raba da 12 zai samu 145,833, kuma duka biyun kuskure ne.

Sai dai sarƙa da awarwaro ba tsantsa ba ne. Hatimin da ke jikin maƙulli shi ke faɗin gaskiya: 916 karat 22 ne, 875 karat 21, 750 kuwa karat 18. Lambar tana nufin kason zinare cikin dubu. Don haka a wancan farashin giram ɗin karat 21 shi ne 150,000 × 0.875, wato naira 131,250, na karat 18 kuma 112,500.

A ce wata mata a Gwallaga an kawo mata tallan sarƙa mai karat 21, aka ce tola biyu da rabi ce. Nauyin da ya kamata sikeli ya nuna giram 29.16 ne, kuɗin zinarenta kuma naira 3,827,250, ban da kuɗin ƙira. Idan dillaliya ta lissafa tola a kan 12, za ta nemi kuɗin giram 30, ƙarin naira 110,250 a kan zinaren da babu shi. Idan kuwa wanda ya sayo ta da tolar giram 10 aka yi masa magana, sikeli zai tsaya a 25, giɓin giram 4.16 ke nan, kimanin naira 546,000. Ɗora sarƙar a sikelin mai gwal yana raba wannan gardama nan take, in dai an tabbatar ya koma sifili kafin awo, an kuma cire nauyin duwatsun ado. Kuɗin ƙira a faɗe shi daban, domin ranar da za a sayar da sarƙar, mai gwal nauyi da karat kawai yake biya.

Bambancin 11.66 da 11.664 ba ya tada hankali a zobe ɗaya, amma a sanda mai tola goma giram 0.04 ne, naira 6,000 a misalin da ya gabata. Da 11.7 kuwa giɓin ya kai giram 0.36, wato naira 54,000, shi ya sa masu saro ba sa yarda da ita.

Saɓanin ya shiga lissafin zakka ma. Nisabin zinare dinari 20 ne, kuma a kan giram 4.25 ya zama giram 85, adadin da aka fi ji a wa'azin Arewa. Malaman Indiya da Pakistan suna cewa tola bakwai da rabi, wanda ya kama giram 87.48. Mai giram 86 na tsantsar zinare ya cika nisabi a lissafin farko, a na biyu kuwa saura masa giram ɗaya da kusan rabi.