Otoklab: yadda ake tsabtace kayan aikin haƙori

Otoklab tukunya ce ta ƙarfe mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai matsi. A ƙaramin asibitin haƙori, da ita ake hana cutar hanta nau'in B da C da ƙwayar sida bi ta kayan aiki daga bakin wani zuwa na wani.

Amma aikin daga wanki yake farawa. Da an gama da majinyaci, sai a jiƙa kayan a ruwan magani don kada jini ya bushe, a goge da buroshi, a ɗauraye, a busar, a rufe cikin jakunkuna na musamman. Dattin da ya maƙale yakan kare ƙwayar cuta daga tururi.

Ƙa'idar Faransa ita ce digiri 134 na minti 18. Lissafin yana farawa ne bayan zafin ya kai, ba daga kunna na'ura ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, a sake daga farko.

Layin jikin jaka da ya canza launi shaida ce kawai cewa ta ga zafi. Jakar da ta fito a jiƙe ko a yage, kayanta ba sa shiga bakin kowa sai an maimaita.